Yadda ake karanta histogiram don gyara hasken hoto a tsakiyar rana

Da ƙarfe ɗaya na rana a Zariya, musamman a watan Maris da Afrilu, sikirin ɗin bayan kyamara ba abin dogaro ba ne. Rana tana dukan gilashin, hoton ya yi maka duhu, sai ka ƙara haske, ka koma gida ka tarar farar rigar mutum ta wanke, babu aiki babu zare. Histogiram kuwa, wato zanen da ke nuna yadda haske da duhu suka rabu a hoto, ba ruwansa da ranar da ke dukan sikirin, domin lissafin abin da ke cikin hoton yake nunawa.

Da farko ka fito da shi. Ɗauki hoto ɗaya na gwaji, ka buɗe shi. A Canon danna `INFO` har zanen ya bayyana, a Sony `DISP`. A Nikon sai ka fara kunna shi a `Playback display options`, sannan ka danna kibiyar sama ko ƙasa. Ka kunna gargaɗin ƙonewa ma, wanda Canon ke kira `Highlight alert`, Nikon kuma `Highlights`. Shi ne ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya baƙi da fari.

Zanen ba wuya. Ƙarshen hagu baƙi ne ƙirin, lamba 0, ƙarshen dama fari fat, lamba 255. Tsayin tudu a kowane wuri yana nuna yawan ɓangaren hoton da ke da wannan hasken. Tsayin bai dame mu ba, ko da ya taɓa rufin zanen. Abin dubawa shi ne bangon dama da na hagu: tudun ya sauko ƙasa kafin ya kai bango, ko kuwa ya haye shi an datse masa rabi?

Bari mu ɗauki aikin da mai hoto a birni ke yawan cin karo da shi. An sauko daga Juma'a, wani dattijo ya tsaya kusa da ƙofar fadar Sarkin Zazzau yana so a ɗauke shi. Babbar riga ce ta farar shadda da ta sha bugu tana ƙyalli, ga rawani ya yi wa fuskarsa rumfa, bayansa kuma bakin ƙofa ne mai duhu. Ka sa kyamara a `Av` (a Nikon da Sony `A`), inda kai ke zaɓar f ita kuma ta zaɓi saurin shata, ISO 100, f/8. Kyamarar ta ga duhun baya ya yi yawa, ta zaɓi 1/250.

Da ka duba za ka ga tudu biyu kamar tozon raƙumi biyu da aka raba, ɗaya can hagu, ɗaya can dama, tsakiya kusan fayau. Kada wannan ya tayar maka da hankali. Masu cewa dole histogiram ya zama tudu ɗaya a tsakiya suna maganar ranar da hadari ya rufe sama ne, ko lokacin da hazon hunturu ya tausasa rana. A tsakar rana mai zafi haka zanen yake, kuma daidai ne. Tudun hagu shi ne bakin ƙofa da fuskar da ke ƙarƙashin rawani, na dama shi ne riga.

Matsalar tana dama. Tudun ya manne da bango ya miƙe sama kamar layi, kafaɗun rigar kuma suna walƙiya a sikirin. Wannan wurin ya kai 255, ma'ana babu abin da kyamara ta ajiye a can sai fari. Aikin allurar da ke wuyan rigar ya tafi, kuma in JPEG kake ɗauka, babu manhajar da za ta dawo da shi. Duhu kuwa ana iya ɗago shi a kwamfuta, sai dai ya zo da ɗan ƙura-ƙura. Shi ya sa a rana irin wannan ake fara ceton dama.

Danna maɓallin `+/-` ka juya zuwa ragi. A yawancin kyamarori kowane juyi sulusin mataki ne. Je `-2/3`, shata ta koma 1/400, ka sake ɗauka. Duk zanen zai matsa hagu. In har kafaɗa na walƙiya, ƙara juyi ɗaya zuwa `-1`, wato 1/500. Abin da kake nema shi ne tudun dama ya sauko ya taɓa ƙasa dab da bango, ba tare da ya bar fili mai faɗi ba. Da ka samu haka, tsaya. Duk abin da ka ƙara ragewa bayan nan, fuskar dattijon kake binnewa a banza.

Ba kowace walƙiya ake bi ba. Ƙyallin gilashin agogo, ko ɗigon rana a madubin mota, ko gefen tabarau, waɗannan dama can ba su da wani zane a cikinsu. In ka ce sai ka kashe su, hoton gaba ɗaya zai nutse. Ka dubi inda ke walƙiyar: in tufa ce ko goshi, a gyara, in ƙarfe ne, a ƙyale shi.

Wani lokaci akasin haka ke faruwa. Ka matsa kusa, farar riga ta cika hoton, kyamara ta tsorata da farin ta rage haske da kanta. Sai ka ga tudun dama ya tsaya tun wajen kashi uku cikin huɗu na zanen, rigar ta fito toka-toka. A nan ƙari ake yi, `+2/3` ko `+1`, har tudun ya kusanci bango. Saboda wannan jeka-ka-dawo ne ni na fi son, da zarar na samu lambar da ta yi, in koma `M`, inda ni ke saita komai da hannu, in kafa f/8 da 1/500. Muddin ranar ba ta sauya ba, ko ka matsa ko ka ja baya, rigar ba za ta ƙone ba.

Yanzu duba hagu. Ka ceci riga, amma tudun hagu ya jingina da bangonsa, fuska ta yi duhu, idanu ba sa fitowa. A nan maɓallin `+/-` ya gama nasa aikin, domin tura zanen kawai yake yi hagu ko dama, ba ya matso da tudun biyu kusa da juna. Tazarar da ke tsakanin riga da inuwa ta fi ƙarfin kyamarar, sai a kai haske cikin inuwar. Mafi sauƙi shi ne ka ce, "Baba, don Allah a ɗan matso inuwar bangon nan." In ba hali, wani ya riƙe farin kwali ko farin yadi ƙasa da ƙirjin dattijon, ya mayar da rana zuwa fuska. Sake ɗauka, za ka ga wani ɓangare na tudun hagu ya taso zuwa tsakiya, dama kuma tana nan inda ka bar ta.

In filasha za ka yi amfani da ita, akwai tarko. Yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 da filasha a kunne. Ka ɗaga ta kana `Av` a f/8, shata ta faɗo daga 1/500 zuwa 1/200, riga ta sake ƙonewa. Sai ka tsuke zuwa f/13 a 1/200, wanda haskensa ɗaya da na f/8 a 1/500. Ƙaramar filashar da ke kan kyamara kuwa, a f/13, ba ta kai wa fuskar da ta wuce kamar mita biyu.

In mutumin jar dara ya sa, ko kana ɗaukar kayan doki masu ja a hawan Sallah, sauya zuwa histogiram na `RGB`, mai nuna ja da kore da shuɗi daban-daban. Ja yakan haye bangon dama shi kaɗai alhali zanen haske na gama-gari yana nuna komai lafiya, hular ta fito jawur babu alamar saƙa. Rage sulusin mataki ɗaya ko biyu har jan ya sauko. Mai ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana da ɗan sarari a nan, domin zanen da kyamara ke nunawa daga ƙaramin JPEG na ciki take lissafa shi, don haka in tudu ya ɗan shafi bango kaɗan, sau da yawa ana iya dawo da wurin a kwamfuta.