Yadda ake rage gashin baki ba tare da layin ya karkace ba

Yawancin masu ɓata gashin bakinsu a gaban madubi ba rashin kayan aiki ne ke damunsu ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya rage gefen dama, ya duba ya ga kamar ya fi na hagu tashi, sai ya koma hagu ya daidaita, ya sake dubawa ya ga yanzu kuma hagun ce ta yi sama. Haka zai yi ta bin gefe da gefe har ya wayi gari da wani siririn zare a ƙarƙashin hanci, ko kuma ya haƙura ya aske gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne ka sami abin da za ka bi wanda ba ya motsi, kuma abin yana nan a fuskarka: bakin leɓenka na sama, daidai inda fatar fuska ta ƙare, fatar leɓe ta fara. Shi ne ma'auninka. Ba a gwada dama da hagu, kowanne da leɓe ake gwada shi.

Wannan iyaka ma ita malamanmu na Malikiyya suka ambata. An ruwaito daga Imamu Malik cewa a rage gashin baki har gefen leɓe ya bayyana, bai so a aske shi ƙwal ba. Akwai kuma hadisin Anas ɗan Malik da ya nuna kada a bar shi ya haura kwana 40 ba a rage ba. Sai dai wanda ke son layinsa ya zauna tsaf ba zai kai ko kusa da haka ba, domin gashin fuska yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Daga Juma'a zuwa Juma'a kan ƙaru da kamar milimita 2 zuwa 3, kuma wannan ya isa ya fara leƙowa kan leɓe.

Kayan da kake bukata ba su da yawa: ƙaramin almakashi mai kaifi da ɗan gajeren baki, ƙaramin kum mai matsattsun haƙora, da madubin da ke tsaye da kansa ko yake rataye a bango. Kada ka riƙe madubi da hannu, don hannayenka biyu duk suna da aiki. Almakashin tela ko na yankan takarda ya yi girma, bakinsa zai rufe maka abin da kake yankewa. In kana da kilifa za ta yi amfani wajen rage kauri, amma ka tabbatar da caji a jikinta, domin in ta yi sanyi fizgar gashi take yi maimakon yanka. Ka goge kayan da sifirit kafin ka fara, kuma reza ko aska kada ka yi tarayya da kowa a kanta, ciwon hanta na bin jini ta irin wannan hanya.

Fara da wanke wurin da sabulu don maiƙo ya fita, sannan ka tsane da tawul ka jira ya bushe sarai. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Jiƙaƙƙen gashi kwanciya yake yi ya miƙe, sai ka ga kamar ya fi tsawonsa na gaskiya. In ka yanke shi a haka daidai bakin leɓe, yana bushewa zai nannaɗe ya ja sama, layin ya tashi fiye da inda ka so. Irin gashinmu mai murɗewa ya fi yin haka, kuma ba lallai gefe biyun su ja daidai da juna ba. Don haka bayan wanka ko alwala ka ɗan dakata tukuna.

Sai batun haske. Tsaya inda haske zai dake ka ta gaba, misali ka fuskanci taga ko ƙofa da hantsi. In ƙwan lantarki yana gefenka ɗaya, ɗaya gefen zai faɗa cikin inuwa, inuwar kuma takan sa gashi ya yi kamar ya fi cika da tsawo, sai ka yi ta yankan abin da babu shi. Fitilar waya da daddare ita ce mafi muni a wannan aiki. In an ɗauke wuta, bari sai gari ya waye.

Yanzu taje gashin duka zuwa ƙasa, daga hanci zuwa leɓe, sau uku ko huɗu, har kowane sili ya nuna tsawonsa. Rufe bakinka a hankali kamar kana zaune kana sauraron magana. Kada ka yi murmushi, kada ka turo baki, kada kuma ka ja leɓen ka lulluɓe haƙoranka da shi kamar yadda ake yi in za a aske da reza. Duk wani jan fata yana canza siffar leɓe, kuma layin da ka yanka a kan jan fata zai karkace da zarar ka saki. Kanka ma ya tsaya sosai, idonka na kallon madubi kai tsaye. Mai amfani da hannun dama yakan karkatar da kansa ba tare da ya sani ba idan ya zo yin gefen da hannunsa bai saba ba.

Yankan farko a tsakiya ake yinsa. Dubi ɗan kwarmin nan da ya sauko daga hanci zuwa tsakiyar leɓe. A ƙarƙashinsa ka datse silin da suka hau kan leɓe, da bakin almakashi kawai, kaɗan kaɗan, har gefen leɓen ya fito. Daga nan ka je kusurwar baki ta dama ka datse abin da ya sauko ya wuce inda leɓɓa biyu suka haɗu, ka yi haka a ta hagu. Ka sami alama uku ke nan, tsakiya da gefe biyu. Abin da ya rage shi ne haɗa su.

Wajen haɗawar, taso daga kusurwa ka nufo tsakiya, ka gama gefe ɗaya, sannan ka taso daga ɗaya kusurwar. Kwantar da ƙasan almakashin a kan leɓe ya zama shi ne jagora, kana buɗe shi kaɗan kana rufewa, sili biyar ko shida a lokaci guda. Kada ka buɗe shi gaba ɗaya ka datse rabin gashin baki a sara guda, domin almakashi yana tura gashi gaba yayin da yake rufewa, sai yankan ya fito a jirkice. In hannunka na rawa, jingina ɗan ƙaramin yatsanka a haɓa. Ka kuma tuna leɓen sama ba miƙaƙƙe ba ne kamar layin rula. Yana da ɗan tudu biyu a kusa da tsakiya, sannan ya gangara zuwa gefe. Layi mai kyau yana bin wannan gangarar ne a hankali. Wanda ya dage sai ya ja miƙaƙƙen layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko dai ya bar gashi a kan tudun, ko ya buɗe fata a gefe.

Kana gama zagayen farko ka ajiye almakashi, ka sake tajewa ƙasa. Za ka ga wasu silin da suka ɓuya sun fito, su kaɗai za ka bi. Sannan ka ja da baya kamar taku biyu ka kalli fuskar gaba ɗaya. Ni a ganina wannan ja da bayan ya fi kowane mataki muhimmanci. In hancinka na kusan taɓa madubi, sili ɗaya zai zame maka babban aibi, alhali mai gaisawa da kai daga nesa da zira'i biyu ko uku yake ganinka.

Rage kauri aiki ne na daban, kuma bayan layi ya fita ake yinsa. In da kilifa ne, sa mata takalminta, wato robar nan mai haƙora da ake saƙala mata a baki. Lamba 2 tana barin kusan milimita 6, lamba 1 kuma milimita 3. Fara da babbar, ka bi gashin yadda ya kwanta, daga sama zuwa ƙasa. In bai yi maka ba sai ka sauko lamba 1. Bin sa ta baya, daga leɓe zuwa hanci, yana cin gashi fiye da bin kwanciyarsa, kuma yana tona wuraren da gashin bai cika ba. In da almakashi ne, ɗaga gashin da kum ka datse abin da ya fito ta tsakanin haƙoransa. Saman gashin bakin kuwa, wajen hanci da kumatu, silin da suka fita daga sahu kawai za ka cire. In da reza ne ka bi kwanciyar gashi, sau ɗaya, don gudun ƙurajen aski.

Wata safiya ƙanena ya shigo mini yana rufe baki da hannu, saura kwana takwas ɗaurin aurensa. Ya ce, "Yaya, duba mini, na ɓata shi." Da na duba, gefen dama na zaune daidai a bakin leɓe, na hagu kuwa ya tashi sama da kamar milimita 2, har fata ta fito fara tsakanin gashi da leɓe. Ya yi aikin ne fitowarsa daga wanka, da kilifa ba takalmi, yana jan leɓensa ƙasa. Niyyarsa ya ɗaga gefen dama ya zama ɗaya da hagu. Na ce masa, "A'a, kada ka taɓa. Mai kyan ne za ka lalata don ya yi kama da mara kyan." Abin da muka yi shi ne rage kaurin duka da lamba 1, saboda gajeren gashi ba ya nuna bambancin layi kamar cikakke, sannan muka ɗan sassauta ƙarshen gefen hagun da bakin almakashi a tsaye, don kada yankan ya yi kaifi kamar an ja da biro. Daga nan ya bar shi. Kullum da safe yana taje shi ƙasa. A kwana na bakwai hagun ta sauko ta iske leɓe, sai muka datse dama kaɗan da ta ƙaru, muka haɗa layin.

Akwai kuma wanda duk yadda ya bi ƙa'ida zai ga gefe ɗaya ya ɗan fi. Sau da yawa ba hannunsa ba ne, halittar fuskar ce: wani kusurwar bakinsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, wani kuma gashinsa ya fi cika a gefe guda ko yana tsirowa a karkace. Za ka gane haka idan ka taje gashin sama ka kalli leɓen shi kaɗai. In bambancin a leɓe yake, bi leɓen, ido zai karɓe shi a matsayin daidai. In a cikar gashi yake, rage kaurin gefen da ya fi cika kaɗan, amma ka bar layin ƙasa yadda yake.

In kuma wajen mai aski kake zuwa, kada ka ce masa "gyara mini" kawai ka rufe ido. Ce masa, "Malam, a bakin leɓe za ka tsaya, kada ka hau sama," kuma ka bar bakinka a sake, ka daina hira har ya gama wannan wurin.