Yadda ake tantance amsa a tambayoyin zaɓi na jarabawar Ƙudurat

Yaran da nake yi wa bita a gida, nan wajen Shara Mansur a Makka, kusan duk cuta ɗaya gare su: da zarar sun ga lambar da ke ransu a cikin zaɓi huɗun nan, alif, ba, jim, dal, sai su danna su wuce. To ai mai tsara tambayar ya san kuskuren da za ka yi, shi ya sa ya ajiye maka sakamakonsa a cikin jerin. Ganin amsarka a ciki ba shaida ba ce cewa ka yi daidai. Ga hanyar da nake bi da su a ɓangaren lissafi na Ƙudurat, jarabawar neman shiga jami'a a Saudiyya da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, inda ba a shiga da kalkuleta.

Mu ɗauki tambaya. Direba ya tafi wani gari da gudun kilomita 120 a awa, ya dawo ta hanya ɗaya da gudun 60. Nawa ne matsakaicin gudunsa, zuwa da dawowa? Alif 70, ba 80, jim 90, dal 130.

Mataki na farko, faɗi dalilin amsarka a jimla ɗaya kafin ka danna. Yawanci 90 suke zaɓa, in na tambaya sai su ce, "Malam, na haɗa 120 da 60 na raba biyu." Madalla, yanzu muna da abin gwadawa. Amsar da ba a iya faɗin dalilinta ba, canki-canka ce kawai.

Mataki na biyu, kori wadda ba za ta taɓa yiwuwa ba. Motar da ba ta wuce 120 ba, matsakaicin gudunta ba zai kai 130 ba. Dal ta fita. Amma kowace za ka kora, sai da hujjarta. "Ba ta kwanta mini ba" ba hujja ba ce.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma shi ake tsallakewa: ka matse dalilinka, ka gani ko zai fashe. Sauya lambobin zuwa abin da ya wuce hankali. A ce ya tafi da 120, motar ta lalace, ya dawo yana rarrafe da kilomita 1 a awa. Haɗa-ka-raba zai ba ka wajen 60. Ina! Mutumin da ya yi awa ɗaya a zuwa, ya kwashe kwana biyar a dawowa, a ce yana cin kilomita 60 kowace awa? Nan ɓarakar take. Raba biyu yana aiki ne idan lokacin da aka yi a kowane gudu ɗaya ne. A tambayarmu nisa ne ɗaya, lokaci ya bambanta. Direban ya fi daɗewa yana tafiya a hankali, don haka dole amsar ta karkata wajen 60, ta yi ƙasa da 90. Jim ta faɗi, ita da aka fi so.

Saura 70 da 80. A nan kora ta ƙare, sai lissafi, wato mataki na huɗu. Ba a ba ka nisa ba, to ka sa naka, wanda zai rabu ba saura: kilomita 120. Zuwa awa 1, dawowa awa 2. Ya ci kilomita 240 a awa 3, kowace awa 80 ke nan. In da sauran lokaci, sake da nisan 60: rabin awa da awa ɗaya, kilomita 120 a awa ɗaya da rabi, 80 dai. Zaɓin ba, wato 80, shi ne amsa.

Sai dai sa lamba yana da iyaka, kuma a tambayoyin muƙarana ake gane haka, waɗanda ake ba ka ƙima biyu a ce wacce ta fi girma, ko daidai suke, ko bayanin bai isa ba. A ce ƙima ta farko x² ce, ta biyu x, ba a faɗi komai kan x ba. Ka sa 2, ka sami 4 da 2, ta farko ta fi. Mai gaggawa ya danna alif. Sa 1, sun zama daidai. Sa rabi, ka sami kwata da rabi, ta biyu ta fi. Misali ɗaya ya isa ya kashe amsa, amma bai isa ya tabbatar da ita ba. Shi ya sa nake sa su gwada sifili, ɗaya, rabi da lamba ƙasa da sifili kafin su yarda. Da zarar gwaji biyu sun saɓa, amsar ita ce bayanin bai isa ba.

Duk wannan yana cin lokaci, kuma agogon jarabawa ba ya jira. Kada ka yi shi a kowace tambaya. Ka ajiye shi don wadda amsarta ta zo maka cikin daƙiƙa biyar alhali tambayar layi uku ce, da wadda zaɓi biyu suka rage kana kai-kawo a tsakaninsu.