Kurakuran Da Ke Cinye Maki a Gwajin Sulhu Tsakanin Lauyoyi

Duk lokacin da masu shirin zuwa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bwari suka zauna gwajin sasanta rikicin kwangila a gabana, kurakuran nan dai su ne, har na gaji da maimaitawa.

Ga irin batun da ake bayarwa. Wani ɗan kasuwa ya kai wa magini a Kubwa siminti na naira miliyan 20, amma ya makara da wata biyu. Magini ya biya miliyan 12, ya riƙe 8 yana cewa jinkirin ya jawo masa asara. Kowane lauya yana da takardar sirri. Ta lauyan ɗan kasuwa ta ce kada ya karɓi ƙasa da miliyan 6. Ta lauyan magini ta ce zai iya biyan har 7, in dai kashi-kashi ne, don kuɗinsa sun maƙale.

Babban kuskure shi ne mai da teburin sulhu kotu. Sai ka ga yaro ya ƙone rabin lokacinsa yana jero hukunce-hukunce, yana nuna wa ɗan'uwansa wa ya karya yarjejeniya. Haba! Wa zai yanke maka hukunci a nan? Masu ba da maki suna duba tambayoyinka ne da yadda kake saurare. Tambaya ɗaya tak, "Barista, yawan kuɗin ne ya dami mutumin naka ko lokacin biya?", ta isa ta fito da zancen kashi-kashi, a tashi a miliyan 7 cikin wata uku. Wanda bai tambaya ba yakan tashi hannu rabbana, ko ya karɓi 6 yana murna, alhali ya bar miliyan guda a tebur.

Na biyu ya fi ƙona mini rai: wuce umarnin wanda kake wakilta. Na ga wata ɗaliba mai ƙoƙari, tana wakiltar ɗan kasuwa, ta amince da miliyan 5 don kawai a ce an daidaita. A wurina wannan faɗuwa ce, komai kyan maganarta, domin kuɗin ba nata ba ne. Gara a tashi ba a sasanta ba, ko ka ce sai ka tuntuɓi mutuminka. Ni nakan sa kowa ya rubuta lamba uku kafin ya zauna: inda zai fara, inda yake buri, da inda zai tsaya cak.

Kada ka rage farashi sau biyu a jere ɗaya ɓangaren bai motsa ba. Ɓoye sirrinka halal ne, amma ƙirƙiro ƙarya tana zubar da makin ɗa'a. Takardar tayi kuma a rubuta mata "without prejudice", domin sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kafa hujja da ita a kotu. Kafin a miƙe, a maimaita adadi, ranakun biya da abin da zai faru in aka saɓa, don wannan ma da makinsa.