Darasi na 9: Injin da ke tsufa, da ranar da aka sayar da shi da asara

A ce kana da shagon niƙa a kasuwar Mile 12. Ranar 1 ga Janairu 2023 ka sayi inji naira 600,000, kana sa ran zai yi maka aiki shekara 5, wato wata 60, bayan nan ba zai yi wani kuɗi ba. Raba 600,000 gida 60, za ka sami 10,000. Abin da darajar injin ke raguwa ke nan kowane wata.

Duba littafinka. Kowane shafi gida biyu ne: hagu shi ne debit, dama shi ne kiredit. Ƙarshen wata ka rubuta 10,000 a hagun shafin "kashe kuɗi: raguwar daraja", ka sake rubuta 10,000 a daman shafin "tarin raguwa". Shafin injin kuwa kada ka taɓa shi, 600,000 ɗin ta zauna yadda take. Ba kuɗi ne suka fita daga aljihunka ba, ƙarfe ne ke cinyewa. In ka rikice, sake karantawa a hankali, kowa da haka ya fara.

To, ranar 30 ga Yuni 2024 wani daga Agege ya saye injin 350,000.

Dakata! Kafin ka rubuta ciniki, ƙirga watanni. A nan ɗalibaina suka fi tuntuɓe. Shekarar 2023 wata 12 ne, Janairu zuwa Yuni wata 6, jimla 18. Ƙirga da yatsu, ba abin kunya ba ne. Buɗe shafin tarin raguwa: ka ga 180,000? In 120,000 ka gani, ka tsaya a Disamba, sai ka fara cike wata 6 ɗin nan, 60,000. In 170,000 ce, Yuni ka manta. Cike watanni tukuna, sannan ciniki. Na faɗa a aji har muryata ta dishe, amma mako na zagayowa sai a kawo mini littafi da asarar 130,000. Haba jama'a! Wata 6 aka tsallake, shi ya kumbura asarar. A ƙirga watanni.

Yanzu cire 180,000 daga 600,000, saura 420,000. Darajar injin ke nan a littafi. An ba ka 350,000, asararka 70,000.

A hagu abu uku za ka rubuta, kowanne a shafinsa: kuɗin da ka karɓa 350,000, tarin raguwa 180,000, asarar sayarwa 70,000. A daman shafin inji, 600,000 cif, kuɗin da ka saye shi. Haɗa na hagu, dole su ba ka 600,000. Shafin inji da na tarin raguwa sun rufe, daga Yuli babu sauran 10,000.

Aikin gida: da mutumin Agege ya saye shi 400,000, nawa ce asarar?