Darasi na Shida: Ina Datata Ta Tafi?

Da yawanmu mun taɓa kwanciya barci da sauran data a waya, gari ya waye mu tarar ta ragu alhali ko taɓa wayar ba mu yi ba. Abin da yake fara zuwa a rai shi ne kamfanin layi ya yi mana kwange. Kafin a zargi kowa, a fara buɗe wayar a duba, domin tana rubuta lissafin duk abin da ya fita da kuma wanda ya cinye shi. A wannan darasi za mu koyi karanta wannan lissafi, mu rufe ƙofar da data take zurarewa, sannan mu sayi daidai buƙatarmu.

Ana auna data da megabait da gigabait. A fuskar waya za ku gan su a taƙaice, MB da GB. Ku riƙe cewa GB 1 kusan MB 1,000 ce. Saƙon rubutu ba ya cin wani abin kirki, hoto ya fi shi ci, bidiyo kuwa shi ne mai babban ciki.

Manhaja tana shan data ta hanya biyu. Akwai lokacin da kuka buɗe ta kuna kallo da idonku. Akwai kuma lokacin da take a rufe, wayar na cikin aljihu, amma ita tana can tana leƙa intanet: tana ɗauko sababbin hotuna, tana sabunta kanta, tana tura hotunanku ma'ajiya. Wannan na biyun shi waya take kira Background, wato aikin bayan fage, kuma shi ne yake cin data da daddare.

Karanta lissafin

A wayar Android, ku shiga Settings, ku taɓa Network & internet, ku nemi App data usage. A wayoyin Samsung kuma, daga Settings sai Connections, sai Data usage, sai Mobile data usage. Idan taku ta sha bamban, ku rubuta Data usage a wurin bincike da ke saman Settings, za ta kai ku.

Za ku ga manhajoji a jere, wadda ta fi ci tana sama. Ku taɓa ta farko. Lambobi biyu ne abin dubawa: Foreground, abin da ta ci kuna kallo, da Background, abin da ta ci ba ku sani ba. A nan kusa akwai makunni mai suna Background data, ko Allow background data usage. Idan kuka kashe shi, manhajar ba za ta ƙara taɓa datarku ba sai kun buɗe ta da hannunku.

A nan ne mutane suke yin kuskure. Wani da ya ga abin ya yi daɗi sai ya bi manhajoji duka ya kashe. Washegari saƙon WhatsApp ya daina shigowa sai ya buɗe manhajar, kira ya wuce shi, shi kuma ya ɗauka wayar ce ta lalace. Duk manhajar da kuke jiran saƙo daga gare ta, kamar ta hira da ta imel da ta banki, ku bar ta a kunne. Waɗanda za a rufe su ne na kallon bidiyo da wasanni da na saye da sayarwa, da duk wadda kuka manta ma tana wayar. Alamar cewa kun rufe wadda bai kamata ba ita ce saƙonni su taru, su zubo gaba ɗaya da zarar kun buɗe ta.

Ita WhatsApp maganinta yana cikinta. Ku shiga Settings nata, sai Storage and data, sai When using mobile data, ku cire alamar da ke kan hotuna da bidiyo da sauransu. Daga nan bidiyon da ake turowa a zaure ba zai sauka ba sai kun taɓa shi. A ganina wannan gyara ya fi kowanne amfani ga wanda yake cikin zauruka da yawa. Haka nan a Play Store, ku nemi Auto-update apps a ƙarƙashin Network preferences, ku zaɓi a riƙa sabunta manhajoji ta Wi-Fi kaɗai. Masu iPhone su duba Background App Refresh a ƙarƙashin General.

Daga mako guda zuwa wata guda

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba da ta duba wayarta, ta ga ta ci MB 700 cikin kwana 7. A raba 700 gida 7, an sami MB 100 kowace rana. A kwana 30 kuwa MB 3,000 ke nan, wato GB 3. Ita kuma GB 2 take saye, shi ya sa datarta take ƙarewa a kwana na 20.

Da ta bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya tana tara lambobin Background, sai ta ga daga cikin 700 ɗin nan, MB 210 a bayan fage suka tafi, a manhajojin da ba ta jiran komai daga gare su. Ta rufe su. Abin da ya rage mata a mako shi ne MB 490, wato 70 a rana, 2,100 a wata. Ku lura, har yanzu GB 2 ba za ta kai ta ƙarshen wata ba, za ta gaza da kwana ɗaya ko biyu. Ko dai ta sayi ƙunshin da ya ɗara GB 2 kaɗan, ko ta rage kallon bidiyo. Kuma ya kamata ta sake aunawa a mako na biyu, don mako ɗaya yana iya zama na hidima da yawan kiran bidiyo.

Wurin zaɓen ƙunshi, yawan data ba shi kaɗai ake dubawa ba. Kowane ƙunshi yana da wa'adi, na kwana ɗaya ko mako ko wata, kuma a tsare-tsare da yawa abin da ya rage yana ƙonewa idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba. Mai cin MB 70 a rana da ya sayi GB 1 ta kwana ɗaya don ya ga ta yi araha, ya biya kuɗin abin da ba zai sha ba. Akwai kuma ƙunshin da yake aiki da dare kawai, da wanda yake buɗe wasu manhajoji ƙalilan. Ku karanta sharaɗin kafin ku biya. Idan ƙunshi biyu wa'adinsu ɗaya, ku raba kuɗin kowanne da yawan GB ɗinsa, ku ga wanda ya fi sauƙi.

Bayan kun saya, ku sa wa wayar mai gadi. A Settings na wayar, kusa da App data usage, a Data warning & limit, ku saita ranar da kuka sayi datar a matsayin farkon lissafi, sannan ku kunna Set data warning. Mai GB 2 ya sa gargaɗin a MB 1,500, don ya ji ƙararrawa tun da sauran kwata a hannunsa. Lissafin waya da na kamfani sukan ɗan sha bamban, saboda haka ku riƙa duba ragowar datarku a wurin kamfanin ma, shi ne yake yanke layi.

Aikin gida

Ku rubuta a littafinku manhajoji uku da suka fi cin data a wayarku, da lambar Foreground da ta Background ta kowacce. Ku rufe bayan fagen guda ɗaya da ba ku jiran saƙonta. Bayan kwana 7 ku sake duba lambobin, ku cire jimillarsu ta farko daga sabuwar, ku raba abin da ya rage gida 7, ku ninka sau 30, ku zo da amsar aji.