In banki ya cire kuɗi bayan ka soke izini

Jama'a, in kun soke izinin cire kuɗi ta atomatik amma aka ci gaba da cira, ku daina kiran waya kawai, magana ba ta barin shaida. Ku rubuta wa bankin kamar haka:

"Ranar kaza na soke izinin da na ba kamfani kaza, ga hoton saƙon. Duk da haka ranar kaza an cire min ₦15,000, ga lambar cinikin. Ina neman a mayar min da kuɗina, a kuma toshe izinin."

Ku nemi lambar ƙorafi, don da ita za ku kai ƙara Babban Bankin Najeriya in sun yi shiru. Lambar sirrin katinku kuwa, kada ta shiga saƙon.