Yadda za ka gane ko canki-canka zai amfane ka a jarabawar da ake zabtare maki

Duk wanda ya bi ta JAMB ya saba da abu guda, in lokaci ya kusa ƙarewa ka bi tambayoyin da suka rage ka danna ko ma wace amsa ce, domin can kuskure da barin tambaya fanko duk ɗaya ne, sifili za a ba ka. To sai mutum ya shiga makarantar koyon likitanci, ko ya zauna wata jarabawar neman aiki ko ta waje, ya tarar an rubuta a saman takarda cewa duk amsar da ba daidai ba za a cire mishi maki, wato abin nan da ɗalibai ke kira negetib makin. Daga nan sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu tsoro ya sa su bar tambaya talatin fanko alhali sun san rabin amsar, wasu kuma su ci gaba da cankar komai kamar da. Dukkansu asarar maki suke yi, kuma abin da ke min ciwo shi ne lissafin da zai raba gardamar bai fi na minti ɗaya ba.

Abu na farko, tun kafin ranar jarabawa ka nemo lamba uku. Maki nawa ake bayarwa in ka ci, nawa ake cirewa in ka faɗi, sannan zaɓi nawa ne a kowace tambaya. Kar ka yarda da "ai an ce akwai negetib", wannan maganar ba ta gaya maka komai ba, domin cire kwata da cire maki ɗaya cur ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Ka karanta umarnin da ke shafin farko, in ba a rubuta ba ka tambayi malamin da ke da kwas ɗin. Ka haɗa da tambayar ko barin tambaya fanko sifili ne da gaske, da kuma me ake yi wa wanda ya cike gurbi biyu a tambaya ɗaya. A jarabawar share fage ta UPSC, hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati a Indiya, misali, in ka ba da amsa biyu a kuskure ake lissafa ta ko da ɗaya daga ciki daidai ce.

Na biyu, ka fitar da iyakarka. Iyakar nan ita ce yawan damar dacewa da kake buƙata kafin canka ta daina jawo maka asara. Ka ɗauki makin da ake cirewa, ka raba shi da jimlar makin da ake bayarwa da wanda ake cirewa:

```
iyaka = c / (b + c)
```

b shi ne abin da ake ba ka in ka ci, c kuma abin da ake cirewa. Shikenan lissafin. In damarka ta dacewa a wata tambaya ta haura wannan iyakar ka amsa, in ta gaza ka wuce abinka.

Bari mu gwada da jarabawoyi na gaske don ka ga yadda abin ke sauyawa. NEET, wadda ake shiga karatun likita da ita a Indiya, zaɓi huɗu ne, in ka ci maki 4, in ka faɗi a cire 1. Iyaka ita ce 1 bisa 5, wato kashi 20 cikin ɗari. Amma kai ko ido rufe ka canka, damarka 1 bisa 4 ce, kashi 25. Ka ga ta haura. A tambaya huɗu, a matsakaici za ka ci ɗaya ka samu 4, ka faɗi uku a cire 3, ka tashi da ribar 1. Kenan akwai negetib amma duk da haka canka tana da ɗan riba. Ita kuwa UPSC ana cire kashi ɗaya bisa uku na makin tambayar, zaɓi kuma huɗu, iyaka ta faɗo daidai kan kashi 25, don haka cankar ido rufe ba riba ba asara. Ba haɗari ba ne aka yi, da gangan ake tsara shi haka don wanda bai san komai ba ya tashi da sifili. Tsohuwar SAT, jarabawar shiga jami'a ta Amurka, ma haka take, zaɓi biyar ana cire kwata, kafin su daina cirewar a 2016.

Mataki na uku a cikin ɗakin jarabawa ake yin shi, kuma nan ne aikin yake. Zagayen farko ka amsa waɗanda ka tabbatar. Sauran kuma kar ka ce musu "ban sani ba" gaba ɗaya, domin rashin sani hawa-hawa ne. Ka karanta zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya kana soke wanda kake da dalilin cewa ba shi ba ne, sai ka rubuta ɗan lamba a gefen tambayar ko a takardar lissafinka: 2 in saura biyu, 3 in saura uku, 4 in ba ka iya soke ko ɗaya ba. Lambar nan ita ce damarka, rabi, ko ɗaya bisa uku, ko kwata.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce tambaya 100 ce, zaɓi huɗu, in ka ci maki 1, in ka faɗi a cire rabi. Iyaka kenan 0.5 a raba da 1.5, ɗaya bisa uku, kusan kashi 33. Ɗaliba ta gama zagayen farko ta ga 56 ta tabbatar da su, 20 tana tsakanin amsa biyu, 12 tana tsakanin uku, 12 kuma ko kanun darasin ba ta tuna ba.

Waɗancan 20 ɗin in ta amsa su duka, abin da ake sa rai shi ne ta ci 10 ta faɗi 10, ta samu 10 a cire 5, riba 5. Maki biyar fa, wanda zai iya ɗaga ta daga wannan giredi zuwa na sama, kuma su ne mai tsoro yake bari a kan tebur ya fita yana ganin ya yi taka-tsantsan. Na tsakiyan, 12 masu zaɓi uku, za ta ci kamar 4 ta faɗi 8, ta samu 4 a cire 4, ba ta ci ba ba a ci ta ba. Na ƙarshen kuwa, 3 daidai 9 kuskure, an ba ta 3 an cire 4.5, ta yi asarar ɗaya da rabi. To hukunci ya fito da kanshi, ta amsa ashirin ɗin nan duka, ta bar sha biyun ƙarshe fanko.

Na san abin da wani zai ce, ai wannan matsakaici ne, in ranar ba sa'a fa? Gaskiya ne yana iya faruwa. Amma ka duba, a cikin 20 ɗin sai ta ci 6 ko ƙasa da haka kafin ta yi asara, domin ko 7 kawai ta ci, an cire 6.5, har yanzu tana da ribar rabin maki. Kuma damar a ce mutum ya ci 6 ko ƙasa a tambaya 20 masu rabi-da-rabi kusan 6 ce cikin ɗari. Shi ya sa nake cewa kar ka yanke hukunci tambaya-tambaya kana jin zafin kowane rabin maki, ka yanke wa rukunin gaba ɗaya.

Inda abin ya fi lalacewa ba a lissafi ba ne, a wajen sokewa ne. Duk abin da muka faɗa ya dogara ne da cewa amsar gaskiya tana cikin biyun da ka bari. In ita ka soke tun farko, damarka ba rabi ba ce, sifili ce, kuma masu tsara tambaya sun ƙware wajen saka zaɓin da ya yi kama da gaskiya don ya ja wanda ya yi karatu sama-sama. A ce ɗalibar nan sau ɗaya cikin biyar tana soke amsar daidai. Damarta ta sauko daga kashi 50 zuwa 40, a tambaya 20 za ta ci 8 ta faɗi 12, 8 a cire 6, ribar ta koma 2. Har yanzu riba ce amma ka ga yadda ta zaizaye, kuma rukunin masu zaɓi uku da a da ba riba ba asara yanzu ya koma asara zalla. Don haka sokewa sai da dalilin da za ka iya faɗa da baki, kamar wannan maganin ba a ba mai ciki, ko wannan lambar ta yi girma da yawa. "Bai kwanta min ba" ba dalili ba ne.

Mataki na huɗu, ka auna kanka a gida, domin ba wanda zai gaya maka ko sokewarka tana da kyau sai takarda. Ka ɗauko tsofaffin tambayoyin jarabawar, ka sa lokaci, ka amsa komai da komai kana sa lambobin nan a gefe. In ka zo makin ka ware su, cikin waɗanda ka sa wa 2 nawa ka ci, cikin masu 3 nawa. Ka tara sakamakon takardu da dama, ba guda ɗaya ba. Wani zai ga masu 2 ɗinshi yana cin fiye da rabi, ashe ya fi sanin abin fiye da yadda yake zato, wani kuma zai ga har waɗanda ya rantse ya tabbatar yana faɗuwa a cikinsu. Adadin da ka samu da hannunka shi za ka riƙa gwadawa da iyaka.

Ga masu tambayoyin gaskiya ko ƙarya, irin waɗanda ɗaliban likitanci ke yawan haɗuwa da su, lissafin bai canza ba, sai dai damarka daga rabi take farawa. In rabin maki ake cirewa iyaka kashi 33 ce, ka amsa komai. In maki ɗaya cur ake cirewa iyaka ta zama 50 daidai, wanda ka ɗan karkata gare shi da dalili ka amsa, wanda ba ka da masaniya ko kaɗan ba abin da zai ƙara maka.

Saura waɗancan na tsakiya, masu ba riba ba asara. Su makin tsallakewa ne ke yanke musu hukunci. In 50 ake nema kuma ɗalibar nan tana da 56 a hannu ga ribar tambayoyi ashirin ɗin can, ba ta da buƙatar taɓa su, gara ta kashe mintunan da suka rage wajen sake duba waɗanda ta tabbatar. Amma in ta ƙirga ta ga 42 kawai ta tabbatar, kuma ko da ribar masu zaɓi biyu ba za ta kai 50 ba, to barin duk sauran tambayoyin fanko faɗuwa ce tabbas, sai ta amsa su duka har da masu zaɓi uku, domin ta nan ne kaɗai maki takwas ɗin da take nema za su iya fitowa.